Wasiƙar ta'aziyya zuwa ga iyalan marigayi Baba Tela

Daga Ɗakin Jinya na Maza, Sashen Masu Ciwon Ƙoda, Kano
Ranar Litinin

Zuwa ga Hajiya, uwargidan marigayi, da Alhaji ƙaninsa, da 'ya'yansa maza da mata, da dukkan dangi na Fagge.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ku kuma Allah Ya ba ku haƙurin jure wannan rashi.

Ni ce shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin da Baba ya kwanta, wadda kuke kira Sista Babba. Na rubuto ne da yawun kowa da kowa: likitoci, nas-nas na safe da na dare, ma'aikatan ɗakin wankin ƙoda, masu tura keken marasa lafiya da masu shara. Mutum biyu daga cikinmu sun samu jana'iza, wasu sun leƙo ranar uku, amma yawancinmu aiki ya riƙe. Kuma a wurin zaman makoki, cikin taron jama'a, akwai maganar da ba ta faɗuwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu sa ta a takarda, ku karanta a lokacin da hankalinku ya ɗan kwanta.

Ku yi mana afuwa da muke kiransa Baba Tela, shi ya raɗa wa kansa sunan a ranar da aka kawo shi. Da aka zo cike fayil aka tambaye shi sana'a, sai ya kalli rigar yaron likitan da ke rubutu, ya ce wanda ya ɗinka masa ita ya cuce shi a kafaɗa. Numfashi da kyar yake yi a lokacin, ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga, amma sai da ya sa ɗaki ya ɗauki dariya. Bayan kwana biyu, da ya ɗan samu sauƙi, ya aika aka kawo masa zare da allura daga gida. Maɓallin da ya maƙala wa ɗaya daga cikin nas ɗinmu na dare yana nan a rigarta. Hannun da aka sa wa allurar ƙarin ruwa ne ya riƙe rigar da shi, ɗayan yana ɗinki, yana faɗa wai 'yan zamani ba su iya ƙulla zare ba. Mun hana shi, ya ce idan hannu ya zauna banza shi ne ciwon.

Gado na bakwai, wanda ke kusa da taga, ya zama wurin hira a makonnin da ya yi tare da mu. Da asuba shi yake fara tashi, ya jawo ɗan dutsen taimamarsa daga ƙarƙashin matashi, ya yi salla a zaune, sannan ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Akwai wani saurayi a gadon da ke kallonsa wanda ya ƙi yarda a kai shi wankin ƙoda saboda tsoron na'ura. Mu mun yi lallashi mun gaji. Baba ne ya zaunar da shi ya kwatanta masa yadda abin yake, ya nuna masa bututun da ke wuyansa, ya ce awa huɗu ne kawai, ka yi barcinka ka tashi. Yaron ya je. An sallame shi, yana zuwa wankinsa daga gida, kuma da ya ji rasuwar ya roƙe mu mu isar muku da gaisuwarsa.

Hajiya, yanzu ga maganar da ta sa muka fi son rubuto muku. A daren da Allah Ya karɓi abinSa, kun riƙe hannuna a baranda kun tambaye ni ko kunun da kuka ba shi da yamma ne ya jawo. Na amsa muku a lokacin, amma na san kuka bai bari kun ji ba. Ina sake faɗa, kuma likitan da ya duba shi a daren ya ce in faɗa da sunansa: ba kunun ba ne. Gaskiya ne mun taƙaita masa ruwa, domin ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi, sai ya taru a ƙafa da huhu. Amma cokali uku ko huɗu da kuka ba shi don ya jiƙa maƙoshi ba su kai su yi komai ba, kuma da kun tambaye mu da mun ce ku ba shi. Mutum ne da ƙishirwa ta dama, ya roƙi matarsa, ta ba shi. Ku cire wannan daga ranku.

Abin da ya faru shi ne, hawan jini da ciwon suga sun daɗe suna cin ƙodojinsa a hankali. Ciwon ƙoda irin wannan ba ya yin shela. Mutum yana zuwa shago, yana cin abinci, yana zuwa masallaci, sai aikin ƙodar ya ragu ƙwarai kafin kumburi da kasala da amai su bayyana. Lokacin da Baba ya zo mana, gwaji ya nuna ya kai mataki na biyar, wato na ƙarshe, inda abin da ya rage na aikin ƙoda bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Na'urar wanki tana tace jini, tana cire ruwan da ya taru, amma ba ta mayar da ƙodar da ta lalace. Shekarun hawan jinin nan kuma sun gajiyar da zuciyarsa. A makon ƙarshe jininsa yakan faɗi ƙasa idan aka ɗora shi a na'ura, har sau biyu aka tsayar da wankin kafin lokaci, kamar yadda likita ya yi wa Alhaji bayani. A daren Laraba zuciyar ce ta tsaya. An yi ƙoƙarin farfaɗo da ita, Allah bai nufa ba.

Mun ji wasu daga cikin 'ya'yan suna cewa da an kawo shi da wuri. Wannan kalma ta "da" mun saba jin ta a baranda, kuma ba ta taɓa sanyaya zuciyar kowa ba. Kun kawo shi a lokacin da kuka ga alama, ba wanda zai iya fin haka. Mu da muke ɗakin mun ga abin da kuka yi da idonmu. Mun ga 'ya'yansa uku da yaran shagonsa sun yi layi a ɗakin bayar da jini ba tare da an roƙe su ba. Mun san an sayar da keken ɗinki na surfani don a biya kuɗin wanki, ko da yake kun ɓoye masa, mu ma muka taya ku ɓoyewa. Mun ga Hajiya kuna kwana a tabarma a baranda cikin hunturun nan, kuna wanke masa kaya da sanyin safiya. Jinya mai tsawo tana gajiyar da dangi, kuma mukan ga gadon da masu zuwa dubiya suke raguwa mako bayan mako. Gado na bakwai bai taɓa zama babu kowa ba.

Kai kuma babban ɗansa, muna da saƙo na musamman gare ka. Mun lura yadda abin ya tsaya maka a rai cewa ka tafi gida ka yi wanka ka huta, ka dawo ka tarar an lulluɓe shi. Ka sani mu muka matsa maka ka tafi, bayan ka kwana biyu a kan benci, kuma babu wata alama a lokacin da ta nuna daren ne. Bai cika shi kaɗai ba. Baffanka Alhaji yana riƙe da hannunsa, nas ɗin dare tana gefensa, Hajiya tana bakin ƙofa. Alhaji ya laƙƙana masa kalmar shahada, kuma nas ɗin ta shaida cewa ta ga leɓunansa suna bi. Bai yi fama mai tsawo ba. Kafin ya yi barci a daren ya tambaya ko ka ci abinci, aka ce masa ka tafi gida, ya ce madalla.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da 'yar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta aiko masa cewa ɗanta yana gargara, saƙon da ya mayar mata shi ne: abin da Allah Ya karɓa naSa ne, abin da Ya bayar naSa ne, kowane abu a wurinSa yana da ajali ƙayyadadde, sai ta yi haƙuri ta nemi lada. Da wannan muke yi muku ta'aziyya, mu ma da shi muke yi wa kanmu.

Sai 'yan abubuwan da suka rage a hannunmu. Hularsa, carbi, tabarau, rediyo da gwangwanin zare suna ofishina a cikin jaka ɗaya da sunansa a jiki. Likita ya sa hannu a takardar da ke nuna dalilin rasuwa. Da ita za a je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajista a karɓi takardar shaidar rasuwa, wadda za a nema a banki ko kotu idan an zo rabon gado. Hajiya kuna cikin takaba, ba sai kun fito ba. Alhaji ko ɗaya daga cikin 'ya'yan ya zo da katin asibitin Baba kowace rana daga Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana. Akwai kuma ragowar kuɗin wanki ɗaya da aka biya ba a yi ba, mun rubuta wa ofishin kuɗi a mayar muku.

Magungunan da suka rage a gida, musamman allurar insulin da ƙwayoyin hawan jini, don Allah kada a ba wani maƙwabci ko ɗan uwa da sunan ciwonsu ɗaya. A haɗo su a kawo, mu miƙa wa ɗakin magani.

Wata magana kuma da Baba da kansa ya ce mu faɗa wa 'ya'yansa, wai mu za su fi jin maganarmu. Hawan jini da suga suna bin dangi. Duk wanda ya girma a cikinku ya je a auna jininsa, a gwada suga da fitsari. Idan awon ya kai 140/90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, a ga likita, kada a tsaya jiran ciwon kai. A rage shan maganin ciwon jiki barkatai daga kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, domin suna wahalar da ƙoda. Ba yanzu ba, sai an share makoki. Wanda ya zo karɓar kayan ma, idan yana so, za mu auna shi a nan take. Hajiya ku ma kun rame a jinyar nan. A sa ido a kan cin abincinku da barcinku.

Idan akwai abin da ya shige muku duhu game da jinyar, ku zo ku tambaya, likitan ya ce zai zauna da ku ya buɗe fayil ɗin. Idan kuma a tsawon zamanmu wani daga cikinmu ya ɗaga muku murya ko ya saɓa muku, ku yafe mana, ku kuma roƙa mana yafiyar sauran dangi.

Allah Ya jiƙan Baba da rahama, Ya albarkaci bayansa, Ya haɗa kan zuriyarsa. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. A gaida Alhaji da yara da duk mutanen gida.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Sista Babba, shugabar ma'aikatan jinya,
a madadin likitoci da dukkan ma'aikatan Ɗakin Jinya na Maza.