Wasiƙar Ƙorafi Kan Kuɗin Jinkirin Kwantena, Fayil Mai Lamba 4417

11 ga Yuni, 2025

Zuwa ga Manaja,
Sashen Fitar da Kaya daga Tashar Jiragen Ruwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardar neman biya da ofishinku ya aiko mini ranar 9 ga Yuni ta iso hannuna. A ciki kun ɗora mini dala 1,320, kuɗin jinkirin kwana 22 a kan dala 60 kullum, na kwantenata mai ƙafa 20 da ta ɗauko kayan gyaran injin ban ruwa. Ban amince da wannan lissafi ba, ga kuma dalilaina.

A takardar farashin da kuka ba ni ranar 10 ga Maris, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kamfanin jirgi ya ba da kwana 14 kyauta daga ranar da aka sauke kwantena. Wannan sharaɗi ne ya sa na ba ku aikin, alhali akwai wanda ya fi ku sauƙin farashi. An sauke kwantenar ranar 5 ga Mayu, ke nan kwanakin kyauta ba su ƙare ba sai 18 ga wata. Ku kuma kun fara ƙirga daga ranar 12, kamar kwana 7 aka ba ni. Idan kamfanin jirgi kwana 7 ya rubuta a littafinsa, to wannan tsakaninku da shi ne, don ku kuka kama mini wuri a jirgin, ni ban taɓa magana da su ba.

Sai kwana 12 da suka biyo baya, daga 19 zuwa 30 ga Mayu. Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Takardar lodin jirgi, da rasit ɗin sayen kaya, da jerin abin da ke cikin kwantena, duk na miƙa muku tun 22 ga Afrilu, jirgin yana kan ruwa. Amma ba ku sanar da ni an sauke kaya ba sai ranar 12 ga Mayu, bayan mako guda. Washegari na tura muku kuɗin fito da na kamfanin jirgi, ban rage ko sisi ba. Da kwastan suka tsayar da kayan, na yi ta kiran ejan ɗinku, kullum amsarsa ɗaya: "Ana kan aiki, a ƙara haƙuri." Sai ranar 23 ya faɗa mini, a rubuce, cewa ma'aikacinku ne ya shigar da lambar rukunin kaya ba daidai ba, har ta saɓa da abin da ke kan rasit. Kwastan sun saki kayan ranar 26, amma takardar izinin ɗauka ba ta fito ba sai Juma'a, 30 ga wata, saboda ba a miƙa wa kamfanin jirgi kuɗin da na ba ku tun ranar 13 ba. Ranka ya daɗe, a ina laifina yake cikin waɗannan kwanaki?

Abin da yake nawa ba zan ɓoye ba. Motar da na yi haya ta lalace, ba ta shiga tasha ba sai Litinin, 2 ga Yuni. Kwana 3 ke nan, dala 180, kuma a shirye nake in biya yau ɗin nan.

Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, kwantena biyu ko uku nake shigowa da su a shekara. Dala 1,140 da ake neman in biya a kan abin da ban jawo ba ta kusa cinye ribar wannan kaya gaba ɗaya, ban da masu saye biyu da suka gaji da jira suka tafi wani wuri.

Saboda haka ina roƙon ku aiko mini da ainihin takardar cajin da kamfanin jirgi ya ba ku, mai nuna ranar da aka fara ƙirga da kuɗin kowace rana, domin taku jimla kawai ta nuna. Ku soke takardar 9 ga Yuni, ku fitar da sabuwa ta kwana 3. Haka kuma ajiyar dala 1,000 da na bayar a kan kwantena, ku mayar mini da ita. Na dawo da kwantenar lafiya lau tun 4 ga Yuni, kuma takardar karɓa tana hannuna, don haka ban ga dalilin riƙe kuɗin ba.

Na haɗo kwafin takardar farashi, shaidar biyan banki ta 13 ga Mayu, da saƙon ejan ɗinku na ranar 23. Ina jiran amsarku a rubuce kafin 20 ga Yuni. Akwai wata kwantenar da za a loda mini a watan Agusta, kuma shekara 3 muna aiki tare ba mu taɓa sa-in-sa ba, don haka na fi so ta biyo ta hannunku. Amma ba zan sa hannu a kanta ba sai mun daidaita wannan.

Na gode, a huta lafiya.

Ni ne naku,
Mai kayan da ke fayil 4417.