Tsarin Taron Ƙaddamar da Littafin "Hannun Marini"

Rana: Asabar, 17 ga Janairu, 2026
Wuri: Ɗakin taro na Gidan Mambayya, Gwammaja, Kano
Lokaci: Ƙarfe 10:00 na safe zuwa 1:15 na rana
Marubuci: Malam Habu, ɗan marina, tsohon malamin firamare a Kura

Assalamu alaikum. Kwamitin shirya taro na yi wa kowa barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako cikin sanyin hunturun nan daga Kura da Bunkure da Dawakin Kudu. Littafin da ya tara mu yana da shafi 184, kuma kusan duk abin da ke cikinsa daga bakin dattawan marina aka ji shi. Don haka muka tsara zaman yau yadda za a gan su, a kuma ji muryarsu.

MANYAN BAƘI

Shugaban taro: Farfesa Garba, malamin tarihi
Uban taro: Mai Girma Hakimi, uban ƙasar marubuci
Uwar taro: Hajiya Asabe, dillaliyar zannuwa
Babban baƙo: Baba Ɗanlami, marini, mai shekara 86
Mai sharhin littafi: Dokta Rabi, malamar adabin Hausa
Babban mai ƙaddamarwa: Alhaji Sule, ɗan kasuwar Kantin Kwari
Mai gabatar da taro: Malam Nasiru

TSARIN ZAMA

Babban teburi kujera bakwai ne. Uban taro a tsakiya, kan kujerarsa da darduma, dogarai biyu a bayansa. A damansa shugaban taro, sai babban mai ƙaddamarwa, sai liman. A hagunsa babban baƙo, sai marubuci, sai mai sharhi. An sa wa Baba Ɗanlami kujera mai hannu, jikansa kuma zai zauna a bayansa don ya riƙa taimaka masa wajen tashi.

Layin farko na ɓangaren dama, kujera goma sha biyu, na dattawan marina da na mabuga ne. Muna roƙon masu tarbar baƙi su tsare wannan layi da kyau. Ko wane ne ya iso, ko da tawagar motoci ya zo, a raka shi layi na biyu cikin girmamawa, a gaya masa dalili. Waɗannan bayin Allah sun yi shekara hamsin, wasu sittin, suna durƙuso a bakin karofi, shuni ya kama hannunsu har wuyan hannu, ba sabulun da ke fitar da shi. Yau ranarsu ce.

Layi na biyu da na uku: dagatai, masu unguwanni, wakilan hukuma da malaman jami'a. Tawagar Hakimi za ta zauna a ƙarshen layi na biyu, kusa da ƙofar gefe.

Ɓangaren hagu na mata ne. Uwar taro a kujerar farko, iyalan marubuci a gefenta, sai mata masu ɗaurin zane, waɗanda su ke ƙulle farin yadi da zare kafin a kai shi rini. 'Yan jarida da masu ɗaukar hoto su tsaya a gefe, kada su tare wa dattawa gaba. Ɗalibai a baya.

JERIN ABUBUWA

9:30 Isowar baƙi da zama
9:50 Isowar uban taro. Kowa ya miƙe har ya zauna.
10:00 Buɗe taro da addu'a, daga liman
10:05 Taken ƙasa
10:10 Gabatar da manyan baƙi
10:20 Jawabin maraba daga shugaban taro

10:35 Sharhin littafi, Dokta Rabi, minti talatin

Za ta bi littafin babi babi. Babi na farko ya taɓo marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sannan ya kawo zuwan Baturen nan Heinrich Barth Kano a 1851, wanda ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Sauran babobin na Kura ne: turkuɗi da rawani ɗan Kura, da Buzayen da ke sauko musu daga Agadas. Dokta ta shaida wa kwamiti cewa akwai wuraren da ba ta gamsu ba, musamman ƙarancin zancen mata a littafin, kuma za ta faɗa a fili. Marubuci ya ce haka yake so.

11:05 Karatu daga bakin marubuci, minti goma sha biyar

Malam Habu zai karanta shafi na 41 zuwa na 46, wato ranar da mahaifinsa ya fara miƙa masa muciya yana ɗan shekara tara. A nan ne ya bayyana yadda ake zuba baba da toka da ruwa a karofi, a bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa safe da yamma har kumfa ya taso, da yadda zane ke fitowa kore shar, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a hannun mutum. Duk wanda ya tashi kusa da marina zai ji warin nan a hancinsa. Muna roƙon a kashe ƙarar waya, a dakatar da rabon ruwa har ya kammala.

11:20 Jawabin babban baƙo

Baba Ɗanlami zai yi magana daga zaune, za a kai masa lasifika. Ba mu yanke masa minti ba. Ya taho da rawanin da ya rina da hannunsa, aka buga a mabuga har yana ƙyalli, zai miƙa wa uban taro.

11:40 Jawabin uwar taro
11:50 Ƙaddamar da littafi

Alhaji Sule zai kwance zaren da aka ɗaure littafin, wanda aka naɗe cikin ƙyallen saƙi, tare da uban taro da babban baƙo. Shi zai fara saye, sai mataimakansa, sai sauran jama'a. Wanda ba ya son a ambaci abin da ya bayar ya rubuta a takarda ya miƙa wa ma'aji a teburin bakin ƙofa. Marubuci ya ware kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu domin yashe karofi huɗu da suka cike da ƙasa a unguwarsu, a sake shafe su da laso.

12:35 Saƙonnin fatan alheri, mutum uku, minti uku uku
12:45 Jawabin uban taro
12:55 Godiya daga babban ɗan marubuci
1:05 Addu'ar rufe taro
1:10 Hoto, sannan tashin uban taro. Jama'a su dakata har tawagarsa ta fita.

Za a tashi kafin jam'in Azahar, in Allah ya so, saboda haka mai gabatarwa zai tunatar da duk wanda lokacinsa ya cika. Ana sayar da littafi a bakin ƙofa kan naira 3,500, ɗalibai naira 2,000, marubuci kuma zai zauna sa hannu bayan salla. Kowane dattijo na layin farko yana da kwafi ɗaya kyauta. Motar da ta kawo mutanen Kura za ta tashi ƙarfe 2:30, bayan an ci abinci.