Tsarin aikin ɗakin 'yan tsaki, sati biyun farko

Ga sabon ma'aikaci. 'Yan tsaki 500 ne a ɗakin nan, kuma daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe suna hannunka. Abin da za ka tambaye ni yana cikin takardar nan.

Kafin ka shiga, sa takalmin robar da ke rataye a ƙofa, ka tsoma shi cikin bahon magani, ka wanke hannu da sabulu. Idan ka shiga ɗakin manyan kaji yau, sai ka sake riga. Baƙo ba ya shiga, ko ɗan mai gona ne.

Zafi shi ne babban aikinka. Ma'aunin yana rataye daidai tsayin bayan ɗan tsako, kada ka ɗaga shi. A satin farko ya tsaya tsakanin digiri 32 da 35, a na biyu tsakanin 29 da 32. Duba shi duk bayan awa biyu, ka rubuta a littafi. Amma ka fi yarda da tsakin: in sun dunƙule kusa da tukunyar gawayi suna ta kuka, sanyi ne, ƙara garwashi. In sun gudu jikin bango baki buɗe, rage wuta. In sun koma kusurwa ɗaya, iska ce ke shigowa, nemo inda labule ya ɗage. In sun bazu ko'ina, wasu na ci wasu na barci, ƙyale su.

A waje ake hura gawayi, sai ya daina hayaƙi ya yi ja a shigo da shi. Tagar sama ta gabas kuwa ba a rufe ta, komai sanyin hunturu. Bara wani ya tausaya musu ya toshe ta da buhu, da asuba muka kwashe gawa sun fi sittin.

Wanke mazuban ruwa ka cika su da ƙarfe 6 na yamma da kuma 12 na dare. Abinci rabin faranti, in ya ragu a ƙara. Buntun da ya jiƙe, kwashe shi da shebur ka zuba busasshe.

Rana ta 10 ake ba da rigakafin cutar gumboro. Janye ruwa da ƙarfe 4 na asuba, awa biyu kafin zuwan likitan dabbobi. Ɗebo masa ruwan rijiya, ban da na famfo, domin sinadarin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe maganin.

Wanda ya mutu, ɗauke shi da leda, kai shi ramin bayan sito, ka rubuta. In sun kai biyar a dare ɗaya, ko ka ga kashi da jini, kira ni ko ƙarfe nawa ne. Lambata tana bangon littafin.

Da safe kada ka tafi sai mai karɓar ka ya karanta littafin a gabanka ya sa hannu.

Manajan gona