Takardar Aiki: Rukunan Imani da Hukunce-hukuncen Salla

Aji 5 na Islamiyya, zango na 2. Lokaci: minti 40. Wannan kwafin yana ɗauke da amsoshi domin bita. Amsoshin fiƙihu bisa mazhabar Malikiyya suke. Ku amsa a gajarce, amma da cikakkiyar jimla.

SASHE NA ƊAYA: IMANI

1. Rukunan imani nawa ne? Kawo su.
Shida ne. Imani da Allah, da mala'ikunsa, da littattafansa, da manzanninsa, da ranar lahira, da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi.

2. A ina suka zo a jere?
A hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda Imam Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. Biyar daga cikinsu suna aya ta 177 a Suratul Baƙara. Ƙaddara kuma tana aya ta 49 a Suratul Ƙamar.

Lura: da yawanku kuna rubuta salla da azumi a nan. Waɗannan rukunan Musulunci ne, guda biyar. Ku daina haɗa su.

3. Faɗi aikin mala'iku uku.
Jibrilu shi ne mai kawo wahayi. Israfilu zai busa ƙaho. Maliku shi ne mai tsaron wuta.

4. Wa aka saukar wa Attaura, Zabura da Linjila?
Annabi Musa, Annabi Dawuda da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare su.

5. Wanda ya gaskata rukunai biyar ya ƙaryata ɗaya, mumini ne?
A'a. Imani ba ya rabuwa. Ƙaryata ɗaya ya rushe sauran.

SASHE NA BIYU: SALLA

6. Raka'o'in farilla nawa ne a yini?
17 ne. Asuba 2, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Isha'i 4.

7. Me ya wajaba ya cika kafin a yi kabbarar harama?
Shigar lokaci, da alwala, da tsarkin jiki da tufafi da wuri daga najasa, da rufe al'aura, da fuskantar alƙibla.

8. Kawo farillan alwala.
Bakwai ne: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da gaggautawa ba tare da jinkiri ba.

Lura: ku kula da diddige da bayan gwiwar hannu. Nan ne ake yawan barin lam'a, kuma lam'a ko kamar ƙumba ce tana hana alwala inganta.

9. Yaushe ake ƙabli, yaushe ake ba'adi?
Ƙabli na ragi ne, kafin sallama. Ba'adi na ƙari ne, bayan sallama. In ragi da ƙari suka haɗu, ƙabli za a yi. Kowanne sujada biyu ne, sai tahiya, sai sallama.

10. Ɗalibi ya manta sura bayan Fatiha, bai tuna ba sai a ruku'u.
Ba zai koma ba. Ya ci gaba, ya yi ƙabli.

11. Ya tashi daga raka'a ta biyu bai zauna tahiya ba.
In hannuwansa da gwiwoyinsa ba su rabu da ƙasa ba, ya koma ya zauna, babu komai a kansa. In sun rabu, ya wuce, ya yi ƙabli.

12. Ya yi kokwanto, raka'a uku ya yi ko huɗu?
Ya ɗauka uku ce, domin ita ya tabbatar. Ya kawo ɗaya, ya yi ba'adi.

13. Ya manta ruku'u gaba ɗaya. Ƙabli ya isar masa?
Bai isar ba. Ruku'u farilla ne, kuma sujadar rafkanuwa ba ta cike gurbin farilla. Sai an kawo abin da aka bari. Wannan tambayar ita ce ta fi kayar da ɗalibai, don haka ku haddace ƙa'idar.

14. Magana da dariya fa?
Magana da gangan tana ɓata salla. In mantuwa ce kuma kaɗan, sai a yi ba'adi. Ƙyalƙyala dariya tana ɓatawa ko da mantuwa. Murmushi ba ya ɓatawa.

15. An manta alƙunutu a Asuba.
Babu sujada. Alƙunutu mustahabbi ne.

16. Da me masbuƙi yake samun raka'a?
Da riskar liman a ruku'u kafin ya ɗago. In liman ya riga ya ɗago, ya bi shi, amma kada ya ƙirga wannan raka'ar. Ya rama ta bayan liman ya yi sallama.