Takardar neman yarda: bincike kan lafiyar mata a Maraɗi

(A karanta wa mace ita kaɗai, ba a gaban miji ko kishiya ba.)

Salamu alaikum, Hajiya. Sunana Rabi. Muna zagaya gidajen Bagalam da Mokoyo muna tambayar matan aure kan haihuwa, ɓari, tazarar haihuwa da ciwon sanyi. Hirar ba za ta wuce minti 30 ba.

Wasu tambayoyin akwai nauyi, mun sani. Wadda ba ki so, ki ce "wuce", sai in wuce, ba sai kin faɗi dalili ba. Kina iya tsayar da ni ko a tsakiyar magana. In kin ƙi gaba ɗaya, ba abin da zai canza a kulawar da ake miki a likita.

Ba zan rubuta sunanki ba, lamba ce za ta tsaya a madadinsa. Maigidanki, uwar mijinki, mai unguwa, ba wanda zai ji amsarki daga bakinmu. Wayar nan tana da makulli, masu binciken kaɗai ke buɗe ta. In wani ya shigo ɗakin, zan juya hirar zuwa abincin yara har ya fita.

Ba kuɗi, ba magani a ciki.

Kin yarda mu fara? In kin yarda, ki dangwala yatsa a nan.