Tabbacin alƙaluman yarjejeniyar aya kafin sa hannu

Katsina, Alhamis 30 ga Oktoba 2025

Assalamu alaikum Alhaji Sabo,

Ranka ya daɗe, barka da war haka. Ya iyali, ya kasuwa? Ga fassarar yarjejeniyar sayen aya tsakaninka da mutanen Maraɗi na haɗo da wannan takarda, daga Faransanci zuwa Hausa, shafi 9, sashe 18. Ka ce a waya abin da ya fi damunka shi ne lambobi, kada a tashi sa hannu ranar Litinin a tarar takarda ta faɗi daban, baki ya faɗi daban. To na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ina tabbatar maka cewa kowane adadi da ke cikin fassarar shi ne wanda ke cikin ta asali: kuɗi, nauyi, kaso, kwanan wata, lambar sashe da lambar asusu. Su 64 ne na ƙirga. Na fara bi daga farko zuwa ƙarshe, washegari da safe kuma na sa ƙanena yana karanto mini na Faransancin da ƙarfi daga shafin ƙarshe zuwa na farko, ni ina riƙe da na Hausa da jan biro, don ido in ya saba da takarda sai ya riƙa ganin abin da yake zato.

Manyan su ne waɗannan. Aya tan 120, a buhu mai kilo 50, buhu 2,400 ke nan. Tan ɗaya sefa 412,500, jimla sefa 49,500,000. Kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari. Za a kawo kayan sau uku, tan 40 kowane zuwa: 1 ga Disamba 2025, 5 ga Janairu 2026, sai 2 ga Fabrairu 2026. A kan kowane zuwa za ka cika sefa 11,550,000. Na buga su duka a kalkuleta, lissafin ya hau.

Sai dai akwai wuri guda da nake roƙon ka tsaya a kansa, sashe na 7, inda aka yi maganar kafin alƙalamin. A ta asali an rubuta kuɗin sau biyu kamar yadda aka saba, da lamba sannan da kalmomi. Lambar ta ce 14,850,000. Kalmomin kuwa sun ce miliyan goma sha huɗu da dubu ɗari biyar da tamanin, wato 14,580,000. Tazarar sefa 270,000 ce. Ga dukkan alamu wanda ya buga takardar ne ya juya 8 da 5, domin kashi 30 na 49,500,000 shi ne 14,850,000 daidai, kuma da shi ne ragowar biyan uku ke cika jimlar. Amma ban gyara ba. Na fassara shi yadda na same shi, lamba da nata, kalmomi da nasu, na ja layi a ƙarƙashi na sa alama a gefe. Da na daidaita shi a ɓoye, da ka karanta Hausa mai santsi ka sa hannu a kan Faransanci mai tuntuɓe, alhali sashe na 18 ya ce in saɓani ya taso, na Faransancin ne abin dogaro. Don Allah ka nuna wa lauyanka, a sa su gyara tasu takardar kafin Litinin. Da zarar sun aiko gyararriya zan canza layin nan, ba sai ka ƙara ko kwabo ba.

In ka ɗora takardun biyu gefe da gefe za ka ga fasalin wasu lambobi ya ɗan bambanta, kada hakan ya tayar maka da hankali. Su a rubutun Faransanci fili suke bari tsakanin dubbai, su rubuta 49 500 000, mu kuma a nan waƙafi muke sawa. Waƙafin nasu kuwa aikin ɗigonmu yake yi. Saboda haka inda suka rubuta tarar jinkiri 0,5 na mayar da ita 0.5, rabin kashi ɗaya cikin ɗari ke nan a kowace rana. A kan kayan zuwa ɗaya, da kuɗinsu ya kama sefa 16,500,000, tarar kwana guda 82,500 ce, kuma an yi mata iyaka a kashi 10, wato 1,650,000, wadda za a kai a kwana na ashirin. Haka ma tsakuwa da ƙasa da aka yarda su kasance a cikin buhu, 2,5 ya zama 2.5. Kwanan wata kuma na rubuta sunan watan ɓaro-ɓaro. Inda suka sa 01/12/2025 na ce 1 ga Disamba, kada wani yaron ofis da ya saba da tsarin kwamfutar Amurka ya karanta maka 12 ga Janairu.

Na san cinikin da jika kuka yi shi a baka, kun tsaya a jika ɗari huɗu da goma sha biyu da rabi kan tan. Daidai ne, tunda jika a wajensu sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar. Amma ban sa kalmar ko sau ɗaya a fassarar ba. Dattawanmu na wannan ɓangaren in suka ji jaka, naira ɗari biyu ke faɗo musu a rai, ga shi takardar za ta shiga hannun akawu da mutanen banki a Kano. Sefa aka rubuta, sefa na bari. Ban kuma juya komai zuwa naira ba, domin yarjejeniyar ba ta ambaci farashin canji ba, wanda ke sauyawa tsakanin safe da yamma a Wapa. Wannan tsakaninka ne da ɗan canjinka.

Wani ɗan abu a sashe na 11: an ba ka kwana 15 ka duba kaya ka yi ƙorafi in akwai. Masu Faransanci kan ce kwana goma sha biyar suna nufin mako biyu, amma a takardar an sa 15 da lamba, don haka 15 na rubuta. Ba a fayyace ko da Asabar da Lahadi a ciki ba, ni ma ban ƙara ba. Ya kamata lauya ya tambaye su.

Lambar asusun bankinsu ce kaɗai ta ba ni wahala. A hoton farko da Musa ya turo ta WhatsApp, hatimi ya hau kan lamba ɗaya, ba a gane 3 ce ko 8. Ban yi cinta ba, na jira har ya aiko wanda aka ɗauka da na'ura jiya, ta fito 8 sarai. Duk da haka, kafin ka tura ko dala, a kira su a waya su karanto lambar da bakinsu.

Tabbacin nan nawa ya tsaya ne a kan kwafin da na karɓa jiya Laraba, 29 ga Oktoba. In an sake taɓa wani abu bayan nan, ko da a shafi ɗaya ne, a turo mini in sake dubawa. Gobe bayan sallar Juma'a ina gida, wayata a kunne take.

Allah ya sa albarka a cinikin. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bashir Lawal
Mai fassara, Faransanci da Hausa