Wasiƙa zuwa ga Malam Kabir kan tambaya ta 17

Ƙofar Ƙaura, Katsina
14 ga Nuwamba, 2024

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Na rubuto ne kan gwajin Tarihi da kuka raba mana takardunsa ranar Litinin. Ban so in ɗaga hannu a aji ba, kada a ce ina ja-in-ja da ku.

Tambaya ta 17 cewa ta yi: "A wace shekara Abuja ta zama babban birnin Najeriya?" Aka ba mu A 1960, B 1976, C 1987, D 1991. Ni D na zaɓa, kuka soke, kuka rubuta B a gefe.

Malam, B ɗin tana da hujja. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ne ya ba da shawarar a bar Legas, Janar Murtala Muhammad kuma ya sanar da ƙasa ranar 3 ga Fabrairu, 1976, kwana goma kafin a kashe shi. Doka ta 6 ta wannan shekarar ce ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya.

To amma a 1976 fili kawai aka keɓe, birnin ba a gina shi ba tukuna. Obasanjo a Legas ya yi mulkinsa na soja, haka Shehu Shagari ma a can ya yi nasa mulkin. Janar Buhari ma, ɗan Daura, a barikin Dodan da ke Legas ya zauna daga juyin mulkin ƙarshen 1983 har 1985. Kai, ko jiharmu ta Katsina da aka cire daga Kaduna a 1987, lokacin fadar gwamnati tana Legas aka yi ta. Sai ranar 12 ga Disamba, 1991 Janar Babangida ya tare a Abuja, mulki ya koma can a hukumance. A ganina, garin da shugaban ƙasa ba ya zaune a ciki, ma'aikatu da jakadu ba su koma ba, da wuya a ce ya riga ya zama babban birni. Ko amarya ma ranar ɗaurin aure daban, ranar tarewa daban, kuma tambayar ba ta faɗi wacce take nufi ba. Da an ce "a wace shekara aka zaɓi Abuja", da B zan ɗauka ba tare da na tsaya tunani ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Da muka haɗa takardunmu, da yawa cikin waɗanda suka fi karanta darasin ne suka tafi D.

Roƙona shi ne ku karɓi B da D duka, ko ku cire tambayar daga lissafi ga kowa. Maki biyu ne kacal, amma suna shiga sakamakon zango. Na haɗo takardata da wasiƙar nan domin ku sake dubawa, kuma zan zo ofis ranar da kuka ce.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Ɗalibarku,
Hadiza Lawal
Aji biyu, babbar sakandare